Komawa kan littafi bayan jinya: yadda ma'aikaci ɗalibi zai farfaɗo da karatun da ya yi wata bakwai a ajiye

Ranar da likita ya shaida masa cewa gwajin majina na ƙarshe ya fito lafiya, kuma ya kammala shan maganin tarin fuka, wani ma'aikacin sashen kuɗi a ɗaya daga cikin ma'aikatun da ke Sakatariyar Tarayya a Abuja ya koma gidansa da ke Mararraba, ya jawo kwalin da ya tura ƙarƙashin gado tun wata bakwai da suka wuce. A ciki akwai littattafan digirin aikin akanta da yake yi a gefen aikinsa, digirin da yake fatan zai ba shi damar neman sauya layi daga rukunin jami'an zartarwa zuwa na akantoci. Ya buɗe littafin farko da azamar yin sa'o'i uku a zaune, kamar yadda ya saba kafin ciwo. Kafin minti ashirin ya lura ya karanta sakin layi ɗaya sau huɗu ba tare da ya riƙe komai ba. Ya rufe littafin yana ganin cewa ciwon ya tafi da ƙwaƙwalwarsa, kuma kuɗin rajistar da ya riga ya biya sun bi ruwa.

Wannan hukunci da ya yanke wa kansa a daren farko shi ne abin da yake raba mutane da yawa da karatunsu bayan doguwar jinya, kuma hukunci ne da aka gina a kan kuskure. Abubuwa uku ne dabam-dabam suke raunana idan mutum ya daɗe bai yi karatu ba: abin da ya sani, ƙarfin jikin da zai zauna da shi, da kuma sabon da ke kai shi kan tebur ba tare da ya yi ta fama da zuciyarsa ba. Kowanne yana da hanyar gyaransa da tsawon lokacin da yake buƙata. Wanda ya haɗa su a zama ɗaya, ya nemi dawo da su duka a dare guda, shi ne yake tashi da yaƙinin cewa ya ƙare.

A fara da gwaji kafin bita

Abin da zuciya take fara raya wa mai dawowa shi ne ya koma shafi na ɗaya ya bi littafin har ƙarshe. Wannan yana cin lokacin da ba shi da shi, kuma yana ruɗinsa, domin duk abin da ido ya taɓa gani yakan zo wa mutum kamar sananne ko da ba zai iya kawo shi da kansa a ɗakin jarrabawa ba. Gane abu idan an gan shi dabam, iya fito da shi daga ka dabam.

Ma'aikacin nan ya bi wata hanya a Asabar ta biyu, bisa shawarar wani abokin aikinsa da ya taɓa koyarwa. Ya samo tambayoyin jarrabawar shekarun baya, ya zaɓi goma daga kowanne cikin kwasa-kwasai huɗu da yake ganin su ne ginshiƙin zangon, ya rufe littattafai, ya amsa su a kan farar takarda cikin zama huɗu gajeru. Sannan ya duba amsoshin ya kasa su gida uku.

Kashi na farko, tambayoyi 14, ya amsa su daidai. Yawancinsu sun shafi abin da hannunsa yake taɓawa a ofis, kamar daidaita littafin kuɗi da bayanan banki. Kashi na biyu, tambayoyi 17, ya san inda suka dosa amma ya ɓata a hanya. Ɗaya daga cikinsu ta ce an sayi inji a kan naira 1,200,000, ana sa ran zai yi aiki shekara biyar, sannan a sayar da shi naira 200,000. Nawa darajarsa take raguwa duk shekara? Ya raba kuɗin sayen gida biyar ya sami 240,000. Da ya duba littafi sai ya ga ya manta da cire kuɗin da za a sayar da injin kafin rabawa, wato amsar 200,000 ce. Gyaran bai ɗauke shi minti biyu ba, kuma bai sake yin wannan kuskure ba. Kashi na uku, tambayoyi 9, ko kalma ɗaya bai iya rubutawa ba, kuma bakwai daga cikinsu na darasin ƙididdiga ne.

Wannan rabo ya nuna masa cewa fiye da kashi uku cikin huɗu na abin da aka tambaye shi ko dai yana nan daram, ko kuma yana kusa. Masana sun daɗe da sanin haka. Tun a 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus, wanda ya gwada kansa da haddar gaɓoɓin sauti marasa ma'ana, ya nuna cewa abin da mutum ya taɓa koya ya manta yana ɗaukar lokaci kaɗan wajen sake koyonsa idan aka kwatanta da karon farko, ko da a ransa yana jin babu abin da ya rage. A 1984 kuma Harry Bahrick na Amurka ya gwada mutum 733 da suka koyi Sifaniyanci a makaranta, wasunsu shekara hamsin kafin gwajin, ya tarar cewa mantuwar takan yi yawa a shekarun farko sannan ta tsaya, kuma waɗanda suka koyi harshen da kyau tun asali su suka fi riƙe shi. Almajirin da ya taɓa haddace izu ya bar tilawa ya san wannan a aikace: tishin abin da ya kuɓuce bai kai wahalar wanke allo a ɗauki sabon karatu ba.

Kashi na uku kuwa yana da wani bayani da ya kamata duk mai dawowa daga jinya ya lura da shi. Da ma'aikacin ya duba ranakun da ya rubuta a gefen littafinsa na ƙididdiga, sai ya ga ya karanta waɗannan babuka ne a makonni shida kafin a gano ciwonsa, lokacin da yake fama da zazzaɓin yamma da zufar dare yana ɗauka maleriya ce. Karatun bai zauna ba tun farko, don haka ba mantawa ya yi ba. Irin wannan ba bita yake buƙata ba, sai an koye shi kamar sabo, da misalai da aka warware mataki-mataki, kuma zai ci lokaci ninkin na sauran. Tarin fuka da ire-irensa sukan daɗe suna cin jiki kafin a gane su, saboda haka hutun karatu na gaskiya yakan fara ne tun kafin ranar da aka rubuta a takardar asibiti.

Jiki ne yake yanke yawan kwas

Maganin tarin fuka irin wanda ba ya bijire wa magani yana ɗaukar wata shida: wata biyu na farko da magunguna huɗu, sannan wata huɗu da guda biyu. Kammala shi yana nufin an kawar da ƙwayar cutar, amma nauyin jiki da ƙarfi sukan biyo baya a hankali. Haka abin yake ga wanda aka yi wa babbar tiyata, ko wadda ta yi doguwar jinya bayan haihuwa. Mutumin da ke tashi tun duhu don ya tsere wa cunkoson hanyar Nyanya, ya yi aiki daga ƙarfe takwas zuwa huɗu, sannan ya sake shiga cunkoson komawa, ɗan ƙarfin da ya rage masa da dare ba ya isa karatu mai nauyi.

Don haka ma'aikacin ya sauya lokacin karatunsa daga dare zuwa bayan sallar Asuba, ya kuma fara da abin da ya ga kamar wasa ne. A mako biyu na farko minti ashirin kawai yake yi, kwana biyar a mako, kuma yana tashi idan lokacin ya cika ko da yana jin zai iya ƙarawa. A mako na uku da na huɗu ya koma rabin sa'a, da sa'a guda ranar Asabar. Daga mako na biyar zuwa na takwas ya kai minti 45 da safe, da minti ashirin a lokacin hutun rana a ofis, da sa'a biyu ranar Asabar. A makonni huɗun ƙarshe ne kaɗai ya tsara sa'a guda da safe, rabin sa'a da rana, da sa'a uku a ƙarshen mako.

Ma'aunin da yake bi kafin ya ƙara lokaci shi ne halin da ya wayi gari a ciki washegari, maimakon yadda yake ji yayin karatun. Idan ya yi kwana uku a jere yana tashi ba tare da nauyin kai ko kasalar da ta wuce ta jiya ba, yana iya hawa mataki na gaba. Idan ya ga yana maimaita layi ɗaya, ko yana yin kuskure a lissafin da ya iya, zaman ya ƙare ke nan, ko da agogo bai ce haka ba.

Amfanin rubuta wannan tsari a takarda ya fito ne da ya tattara jimillarsa. Makonni 12 ne suka rage kafin jarrabawa, kuma duk sa'o'in da tsarin ya ba shi sun kama 82. Ya yi niyyar ɗaukar kwas bakwai don ya cike gurbin zangon da ya rasa. Da ya raba sai ya ga kowane kwas zai sami ƙasa da sa'a 12, alhali ƙididdiga kaɗai tana neman ninkin haka. Da kwas huɗu kuwa, kowanne zai sami kusan sa'a ashirin, kuma yana iya rage wa mai sauƙi ya ƙara wa mai wuya. Ya tsaya a kan huɗu. Hakan ya ƙara masa zango guda kafin ya kammala digiri, abin da ya yi masa ɗaci, amma faɗuwa a kwas uku da ta jawo masa jinkiri iri ɗaya, tare da raunana makinsa na gaba ɗaya da biyan kuɗin rajista sau biyu. Sannu ba ta hana zuwa.

A nan akwai aikin takarda da bai kamata a bari sai jarrabawa ta ƙarato ba. Ɗalibin da ya ɓace na zango guda yana buƙatar sanin yadda makarantarsa ta rubuta wannan zango: an ɗage masa shi ne a hukumance, ko an ɗauke shi a matsayin wanda ya yi rajista bai zauna jarrabawa ba? Bambancin yana iya shafar makinsa. Rahoton likita, da kwafin takardar hutun jinya da ofishinsa ya amince da ita, su ne hujjarsa, kuma jami'in jarrabawa na sashe ko mai ba ɗalibai shawara shi ne wanda za a fara gani. A wurinsu ne kuma za a tabbatar da mafi ƙarancin kwas da doka ta yarda a ɗauka, da ko an sauya manhaja a lokacin da ba ya nan.

Yadda ake cika gajeren zama

Minti ashirin ba za su wadatar ba idan karanta shafi ne kawai za a yi a cikinsu. Abin da ya sa suka yi wa ma'aikacin amfani shi ne yadda ya raba su. Minti biyar na farko littafi a rufe, yana rubuta abin da ya tuna daga zaman jiya. Minti goma na tsakiya ya ɗauki abu ɗaya tak daga kashi na biyu ko na uku ya warware shi. A minti biyar na ƙarshe ya rubuta tambaya ɗaya ko biyu a kan ƙaramin kati, amsar a bayansa.

Dalilin fifita tuno abu a kan maimaita karanta shi yana da hujja. A wani gwaji da Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka wallafa a 2006, an ba ɗalibai gajeren rubutu. Wasu suka yi ta maimaita karanta shi, wasu kuma suka karanta shi a zama ɗaya sannan aka riƙa sa su rubuta abin da suka tuna. Bayan minti biyar masu maimaita karatu ne a gaba. Bayan mako guda sai lamarin ya juya: masu tunowa sun riƙe kusan kashi 61 cikin ɗari, masu maimaitawa kuwa kashi 40. Darasin ga mai dawowa shi ne, hanyar da ta fi daɗi a zaune ba ita ce ta fi zama a kai ba, kuma ɗan wahalar da ake ji wajen lalubo amsa alama ce ta aiki yana yi, bai kamata a ɗauke ta shaidar lalacewar ƙwaƙwalwa ba.

Katunan ya zuba su a ambulan uku. Sabon kati yana shiga na farko, wanda ake dubawa kullum. Idan ya amsa shi daidai sai ya wuce na biyu, da ake dubawa bayan kwana uku, daga nan zuwa na uku, da ake dubawa ranar Asabar. Duk katin da ya faɗi, ko daga ina yake, yana komawa ambulan na farko. Wannan aiki ne da ba ya buƙatar tebur ko wutar lantarki, don haka ya mayar da shi na cikin motar ma'aikata: tsakanin Nyanya da shataletalen AYA yakan gama ambulan na ranar. Lissafi mai matakai da yawa ba ya yiwuwa a kati, shi ya sa ya keɓe masa safiya da Asabar.

Idan aka zame

A mako na shida aikin rufe asusun wata ya tsare shi a ofis har bayan Magariba kwana uku a jere. Don kada ya karya tsari, ya riƙa rama karatun da dare har ƙarfe ɗaya. A rana ta huɗu bai iya zuwa aiki ba, kuma ya yi kwana huɗu bai taɓa littafi ba. Matarsa ce ta fara cewa ya ajiye karatun nan kada ya jawo musu wata jinyar, kuma tana da gaskiya a kan daren da ya raba, ko da ba ta da ita a kan karatun baki ɗaya.

Kuskurensa shi ne ramuwa. Binciken da Phillippa Lally da abokan aikinta suka gudanar a Landan a kan mutum 96 masu ƙoƙarin kafa sabuwar al'ada ta yau da kullum ya nuna cewa, a tsakanin waɗanda aka iya ƙiyasta nasu, matsakaicin lokacin da abu yake ɗauka kafin ya zama jiki shi ne kwana 66, wasu 18, wasu har 254. Ya kuma nuna cewa tsallake rana ɗaya ba ya rushe ginin. Abin da ya dace a makon da aiki ya yi yawa shi ne a sauko zuwa mafi ƙanƙantar zama, ko da duba kati biyar ne a wuri da lokacin da aka saba, a bar barci ya cika. Da ya dawo, bai ɗora daga inda ya tsaya ba. Ya koma rabin sa'a na mako guda kafin ya sake hawa.

Akwai kuma alamun da ba na tsarin karatu ba ne, na asibiti ne. Ga wanda ya yi tarin fuka, dawowar tari, zazzaɓi, zufar dare ko ramewa suna buƙatar komawa cibiyar da ta kula da shi ba tare da jinkiri ba. Gajiyar da ba ta raguwa bayan makonni tana iya zama ƙarancin jini, wanda gwaji mai sauƙi yake nunawa. Idan kuma mutum ya yi mako biyu ko fiye cikin ƙunci, ba ya jin daɗin komai, barci da ci sun rikice, to ciwon damuwa yana yawan biyo bayan doguwar jinya kuma yana hana natsuwa. Babu jadawalin da zai magance waɗannan, kuma dagewa a kansu yana ƙara ɓata lokaci ne.

Wanda ya rasa zango ba don ciwo ba

Ma'aikata da yawa suna da 'ya'ya ko ƙanne da suka zauna a gida wata takwas a yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba 2022, ko waɗanda rashin kuɗin makaranta ya sa suka tsallake zango. Su ƙarfin jikinsu yana nan, saboda haka suna iya hawa matakan lokaci da sauri, a mako uku maimakon takwas. Abin da suka rasa shi ne sabo, kuma galibi waya da sana'ar da suka kama sun riga sun cike sa'o'in da karatu ya bari. Gwajin farko da rabon gida uku suna yi musu aiki daidai da mai jinya. Bambanci ɗaya shi ne, bayan yajin aiki kowa yana dawowa tare, yayin da mai jinya yake dawowa shi kaɗai ya tarar ajinsu ya yi gaba. Shi ya sa ma'aikacin nan ya nemi mutum biyu a sabon ajinsa, suka riƙa haɗuwa ranar Asabar kowa da tambayoyi biyar da zai yi wa sauran.

A mako na goma ya sake ɗauko tambayoyi arba'in ɗin nan ya amsa su littafi a rufe. Ya ci 33. Daga cikin bakwai da suka gagare shi, biyar na ƙididdiga ne, don haka ya kwashe sa'o'in kwas ɗin da ya fi ƙwarewa a kai ya ba ta a makonni biyun da suka rage. Da sakamako ya fito, ya haye duka huɗun, ƙididdiga da kyar. A zango mai zuwa ya yi rajistar kwas biyar, kuma ambulan ukun suna nan a aljihun jakar da yake zuwa ofis da ita.